Lambobin da Ba Su Haɗa Dangi da 12 Ba: Abin da φ na Euler Ke Ƙirgawa

Ɗora yatsa a kan 12 a fuskar agogon bango, sa'an nan ka riƙa tsallen awa huɗu-huɗu. Za ka sauka kan 4, daga nan 8, sai ga ka a kan 12 kuma. Wurare uku kaɗai ka taɓa, kuma ko kwana za ka yi kana zagayawa ba za ka taɓa na huɗu ba. Yanzu gwada tsallen awa biyar-biyar: 5, 10, 3, 8, 1, 6, 11, 4, 9, 2, 7, 12. Wannan karon babu awar da ta tsira, sai da ka taka duk goma sha biyun kafin ka koma inda ka taso.

To, cikin tsalle goma sha biyu da mutum zai iya zaɓa, daga na awa ɗaya zuwa na awa goma sha biyu, nawa ne ke zagaye agogon gaba ɗaya? Wanda ya zauna ya gwada su zai tarar guda huɗu ne: 1, 5, 7 da 11. Wannan huɗun ita ce amsar da masana lissafi ke rubutawa φ(12) = 4. Alamar φ harafi ce ta Girkanci, ana furta ta "fi".

Me ya bambanta 5 da 4? Akwai lambar da ke raba 4 daidai kuma ta raba 12 daidai, ba ragowa: 2 tana yi, 4 ma tana yi. Haka 9 da 12, 3 ce ta haɗa su. Haka 10 da 12, 2 ce ta haɗa su. Amma 5 da 12 babu mai raba su duka biyu in ba 1 ba, ita kuwa 1 kowa take rabawa, don haka ba a sa ta a lissafi. Mu ce 4, 9 da 10 dangin 12 ne, su kuma 1, 5, 7 da 11 bare ne a wurinta. Tsallen dangi yana komawa gida da wuri saboda lambar da suka haɗa tana tsare shi a kan wasu wurare kaɗai: mai tsallen 10 ba zai taɓa sauka kan awa mara ba, tunda 10 da 12 duk cika ne. Tsallen bare ba shi da abin da zai tsare shi. Saboda haka ma'anar φ(n) a taƙaice ita ce: daga 1 zuwa n, lambobi nawa ne bare a wurin n.

Akwai wani ruɗu da ya kamata a kawar tun daga nan. A lissafi akwai lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda babu mai raba su sai 1 da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Wanda ya dubi 5, 7 da 11 a misalin agogo zai iya zaton waɗannan φ ke ƙirgawa. Ba haka ba ne. Ɗauki 10: barenta su ne 1, 3, 7 da 9, wato φ(10) = 4. Ga 9 nan a ciki, alhali tana rabuwa gida uku. Ga 5 kuma a waje, duk da ba ta rabuwa, domin ita ce ke raba 10. Zama bare ba hali ba ne na lamba ita kaɗai, magana ce tsakanin lambobi biyu.

Mutumin da aka jingina wa wannan ƙidaya shi ne Leonhard Euler, wanda aka haifa a Basel ta ƙasar Siwizalan a 1707, ya rasu a St. Petersburg ta Rasha a 1783. Abin da ya kai shi gare ta wata magana ce ta Pierre de Fermat, wani masanin shari'a Bafaranshe, wanda ya rubuta ta a wasiƙa a 1640 ba tare da ya kawo hujja ba. Maganar ta shafi lambobi marasa rabuwa ne kawai. Euler ya fara tabbatar da ita, sa'an nan ya nemi ya faɗaɗa ta ta game kowace lamba, kuma a nan ne ya ga dole sai ya san yawan bare. Rubutunsa a kan haka ya fito a 1763. Alamar φ kuwa daga Carl Friedrich Gauss na Jamus ta samo asali, a littafinsa na 1801, sai kuma J. J. Sylvester ya ba ta sunan da ake nemanta da shi yau a manhajojin lissafi, `totient`, a 1879.

Ƙirga bare ɗaya bayan ɗaya yana yiwuwa a 12. A 360 zai ɗauki lokaci, a miliyan kuwa ba mai yi. Hanyar da Euler ya nuna tana bi ne ta lambobi marasa rabuwa da aka gina lambar da su.

Mafi sauƙi ita ce lamba marar rabuwa ita kanta. A wurin 13, duk wata lamba daga 1 zuwa 12 bare ce, tunda babu abin da 13 za ta haɗa da kowa. Don haka φ(13) = 12, kuma kowace lamba marar rabuwa p tana ba da p − 1. Da a ce agogo awa 13 gare shi, da kowane tsalle ya zagaye shi, in ban da tsallen 13 da ke tsaye wuri guda.

Yanzu mu ɗauki 360 mu bi ta a hankali. Da farko a farfasa ta: 360 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5. Marasa rabuwa iri uku ne a cikinta, 2 da 3 da 5. Duk lambar da za ta zama dangin 360 dole ɗaya daga cikin ukun nan ta raba ta. Aikinmu ke nan mu fitar da su rukuni-rukuni, mu ga abin da ya rage.

Cikin lambobi 360, rabi cika ne, 2 tana raba su. An fitar da su, saura 180. Cikin 180 ɗin nan, kashi ɗaya bisa uku 3 tana raba su. An fitar da 60, saura 120. Cikin 120 ɗin, kashi ɗaya bisa biyar 5 tana raba su. An fitar da 24, saura 96. Shi ke nan, φ(360) = 96. A rubuce a layi ɗaya:

φ(360) = 360 × (1/2) × (2/3) × (4/5) = 96

Ƙa'idar ke nan ga kowace lamba: a ɗauki n, a ninka ta da (1 − 1/p) sau ɗaya ga kowace marar rabuwa p da ke raba ta.

Mai karatu mai lura zai tsaya a mataki na biyu ya ce: wa ya ce bayan an kwashe cika, kashi ɗaya bisa uku na abin da ya rage ne daidai 3 ke rabawa? Ai mai yiwuwa kwashewar farko ta tafi da fiye da rabonsu. Tambayar tana kan hanya, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar take. Jera lambobin mara: 1, 3, 5, 7, 9, 11, 13, 15. Waɗanda 3 ke rabawa su ne 3, 9, 15, wato kowace ta uku a jerin, ba kuskure. Dalili kuwa shi ne jerin mara tsallen biyu-biyu ne, kuma 2 bare ce a wurin 3. In ka yi tsallen biyu-biyu a da'ira mai wurare uku, sai ka taka duk ukun kafin ka maimaita. Saboda haka kowace ragowa, 0 ko 1 ko 2, tana samun rabonta daidai wa daida. Kwashewar 2 ba ta karkata wa 3 lissafi ba, haka su biyun ba su karkata wa 5 ba.

Wanda ke son ya gani da idonsa zai iya sa kwamfuta ta ƙirga su ɗaya-ɗaya da Python, za ta ba shi 96:

```
from math import gcd
print(sum(1 for k in range(1, 361) if gcd(k, 360) == 1))
```

Wuraren da ɗalibai ke zamewa sanannu ne. Na farko shi ne a debe kowane rukuni daga jimlar asali. Mutum ya ce: waɗanda 2 ke rabawa 180 ne, na 3 guda 120, na 5 guda 72, bari in debe su duka daga 360. Sai ya sami −12, amsar da ita kanta ke shelar an yi kuskure, don ba a ƙirga abu a sami ƙasa da sifili. Abin da ya faru shi ne lamba irin 6 an debe ta sau biyu, sau ɗaya da sunan 2, sau ɗaya da sunan 3, ita kuma 30 an debe ta har sau uku. Ana iya gyarawa: a maido 60 ɗin da 6 ke rabawa, da 36 na 10, da 24 na 15, sa'an nan a sake debe 12 na 30. Za a iso 96 ɗin dai, amma ta doguwar hanya. A 360 kuskuren ya fito fili saboda amsar ta faɗa ƙasa da sifili. A wata lambar, kamar 15, zai ba da 7 maimakon 8, kuma ba lalle mutum ya farga ba.

Na biyu shi ne a ga 2 ta fito sau uku a cikin 360, sai a raba biyu har sau uku. Amma da zarar an fitar da cika, babu sauran abin da 4 ko 8 za su fitar, duk sun riga sun tafi. Dubi 8 kanta: barenta 1, 3, 5, 7 ne, rabin 8 daidai, rabawa ɗaya tak.

Na uku ya fi su dabara. Gaskiya ne φ(15) = φ(3) × φ(5) = 2 × 4 = 8. Haka kuma φ(360) = φ(8) × φ(9) × φ(5) = 4 × 6 × 4 = 96. Sai mutum ya ɗauka kullum haka ne, ya ce 24 = 4 × 6, don haka φ(24) = 2 × 2 = 4. Amma a ƙirga: 1, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, takwas ne. An halatta ninka φ biyu ne kawai idan lambobin biyu bare ne ga juna. 4 da 6 sun haɗa 2, sai aka caji 2 ɗin sau biyu, amsar ta ragu da rabi. Da an farfasa 24 a matsayin 8 × 3, da an sami 4 × 2 = 8.

Akwai gwaji mai sauri na kama kuskure. In dai n ta wuce 2, φ(n) cika ce, ba ta taɓa zama mara. Dalilin a fuskar agogo yake: in tsallen 5 gaba ya zagaye agogo, tsallen 5 baya ma zai zagaye, kuma 5 baya daidai yake da 7 gaba. Haka 1 da 11. Bare suna zuwa ne biyu-biyu, k da n − k. Duk wanda ya lissafa φ(15) ya sami 7, ya koma ya sake.

Wannan ƙidaya tana da wata fuska ta biyu, wadda duk wanda ya yi firamare ya taɓa haɗuwa da ita ko bai san sunanta ba. Rubuta 1/12, 2/12, 3/12, har zuwa 12/12, sa'an nan ka rage kowanne zuwa mafi ƙanƙantar sigarsa. Guda huɗu za su ƙi raguwa: 1/12, 5/12, 7/12 da 11/12. Ga φ(12) nan ta sake fitowa. Sauran fa? 2/12 da 10/12 sun koma 1/6 da 5/6, guda biyu, kuma φ(6) = 2. Sai 3/12 da 9/12 suka koma 1/4 da 3/4, guda biyu, φ(4) = 2. Sai 4/12 da 8/12 suka koma sulusi ɗaya da sulusi biyu, φ(3) = 2. Sai 6/12 ya zama rabi, φ(2) = 1, shi kuma 12/12 ya zama ɗaya cikakke, φ(1) = 1. Tara su: 4 + 2 + 2 + 2 + 1 + 1 = 12. Babu wanda ya ɓace, babu wanda aka ƙirga sau biyu. Gauss ya tabbatar da cewa haka yake ga kowace lamba: in aka tara φ na duk lambobin da ke raba n, jimlar n ce. Ban san wata hujja a wannan fanni da ta fi wannan daɗin bi ba, domin ba ta buƙatar komai sai takarda da rage ɓangarori.

To me Euler ke nema da yawan bare? Ga tambaya: in aka jera 7 guda 2026 aka ninka su da juna, wato 7^2026, wace lamba ce za ta zo a ƙarshe? Amsar gaba ɗaya ta fi lambobi 1,700 tsawo, amma ta ƙarshen kawai muke so, wato ragowar da za a samu in an raba da 10. Fara ninkawa kana duban wutsiyar: 7, sai 49, sai 343, sai 2401. A karo na huɗu wutsiyar ta zama 1, daga nan kuma komai zai sake daga farko, 7, 9, 3, 1. Huɗun nan ba dace ba ne, φ(10) ce. Abin da Euler ya tabbatar shi ne: in a bare ce a wurin n, aka jera a guda φ(n) aka ninka, aka raba da n, ragowar 1 ce. Tunda 2026 = 4 × 506 + 2, zagaye 506 cikakku sun wuce ba su canza komai ba, saura mataki biyu, 7 × 7 = 49. Lambar ƙarshe 9 ce.

Dalilinsa ma ana iya ganin sa a kusa. Ɗauki baren 10, wato 1, 3, 7, 9, ka ninka kowace da 7, ka riƙe wutsiya: 1 ta zama 7, 3 ta zama 21 wato 1, 7 ta zama 49 wato 9, 9 ta zama 63 wato 3. Lambobin nan huɗu ne suka dawo, wurin zama kawai suka sauya. Saboda haka in ka ninka su duka da juna kafin da kuma bayan, wutsiya ɗaya za ka samu. Amma a na biyun akwai ƙarin 7 guda huɗu a ciki. Ƙarin da bai canza komai ba kuwa dole ya zama daidai da 1.

Sharaɗin zama bare ba ado ba ne. Gwada 2 da 10: wutsiyoyin su ne 2, 4, 8, 6, 2, 4, 8, 6, ba za a taɓa ganin 1 ba. Haka kuma ƙa'idar ba ta ce sai a mataki na φ(n) za a fara ganin 1 ba. A wurin 12, 5 × 5 = 25, ragowa 1, tun a mataki na biyu, alhali φ(12) = 4. Abin da ta lamunce shi ne a mataki na φ(n) tabbas ana kan 1, ko an riga an taɓa zuwa ko ba a taɓa ba.

Duk hanyar lissafin da muka bi ta dogara ga abu guda: sanin marasa rabuwar da ke cikin lambar. A 360 yaro ma zai gano su. A lamba mai tsawon ɗaruruwan lambobi, wadda aka samu ta ninka manyan marasa rabuwa biyu, babu wata sananniyar hanya mai sauri da kwamfutocin da ake amfani da su yau za su bi su farfasa ta. Kuma ba za a iya kewaye farfasawar a sami φ ta bayan gida ba, domin sanin φ da sanin marasa rabuwar abu ɗaya ne. Ɗauki 221. In wani ya gaya maka marasa rabuwa biyu ne suka gina ta, kuma φ(221) = 192, ya gama tona asiri. Tunda φ ita ce (p − 1) × (q − 1), jimlar p da q za ta zama 221 − 192 + 1 = 30. Waɗanne lambobi biyu ne jimlarsu 30, ninkinsu 221? 13 da 17.

A kan wannan wahala ce Ron Rivest, Adi Shamir da Leonard Adleman suka gina tsarin ɓoye saƙo da ake kira RSA a 1977, a jami'ar MIT ta Amurka, tsarin da har yau ake amfani da shi a katunan banki masu ɗan ƙarfen nan a jiki da kuma wajen tantance shafukan intanet. Ga ɗan ƙaramin samfurinsa. Mai karɓar saƙo ya zaɓi 3 da 11, ya ninka ya sami 33, ya kuma san φ(33) = 2 × 10 = 20. Sai ya nemi lambobi biyu da ninkinsu ya ɗara 20 da ɗaya: 3 × 7 = 21. Ya sanar da duniya 33 da 3, ya ɓoye 7. Mai aika saƙon 2 zai lissafa 2 × 2 × 2 = 8, ya aika 8. Mai karɓa ya jera 8 guda bakwai ya ninka, ya sami 2,097,152, ya raba da 33. Ragowar 2 ce, saƙon ya dawo. Abin da ya faru shi ne an jera 2 guda 21 ke nan, ashirin daga ciki sun narke sun zama 1 bisa ƙa'idar Euler, 2 guda ɗaya ta rage. Ɗan leƙen asiri da ke son gano 7 sai ya san 20, sanin 20 kuwa sai ya farfasa 33. Nan da nan zai yi a 33. Amma makullan da aka saba amfani da su yanzu tsawonsu lambobi 617 ne, ita kuwa lambar gwaji ta RSA mai tsawon lambobi 250 sai a 2020 wata tawagar masana ta iya farfasa ta, da tarin kwamfutoci masu yawa.

Ko a tsakanin ƙananan lambobi φ tana da halayen da ke ba da mamaki. Amsa ɗaya tana iya fitowa daga wurare da yawa: 5, 8, 10 da 12 duk φ ɗinsu 4 ce. Wata amsar kuma ba ta fitowa ko kaɗan, ko da cika ce. Babu lambar da φ ɗinta ya zama 14. In marar rabuwa p tana cikin n, to p − 1 tana raba φ(n). Masu raba 14 su ne 1, 2, 7 da 14, ƙara musu ɗaya ka sami 2, 3, 8 da 15, kuma 2 da 3 ne kaɗai marasa rabuwa a ciki. Lambar da aka gina da 2 da 3 zalla kuwa φ ɗinta ba zai ƙunshi 7 ba.

A 1932 masanin lissafi ɗan Amurka D. H. Lehmer ya yi wata tambaya mai kama da wasan yara. A lamba marar rabuwa, φ(n) daidai take da n − 1. Shin akwai lamba mai rabuwa wadda φ ɗinta ke raba n − 1 ba ragowa? A 15, φ takwas ce, ba ta raba 14. A 21, φ goma sha biyu ce, ba ta raba 20. A 561, wato 3 × 11 × 17, φ ita ce 2 × 10 × 16 = 320, ba ta raba 560. An bincika da kwamfuta har zuwa lambobi masu girman gaske ba a ci karo da ko ɗaya ba, kuma har yanzu babu wanda ya kawo hujjar cewa ba za a samu ba.